Wa ya gayyato sauran? Yadda apt da dnf suke girka manhaja

Mutum ya buƙaci ƙaramar manhaja ɗaya mai suna curl a sabuwar kwamfutar Debian, sai allo ya jero masa sunayen wasu abubuwan da bai nema ba, yana tambaya ko a ci gaba. Ba zarmewa kwamfutar ta yi ba. A duniyar Linux manhaja tana zuwa ne a ƙunshi, kuma da wuya ƙunshi ya iya tsayawa shi kaɗai. A Debian 12, ita curl tana jingine da libcurl4, wanda yake yin ainihin aikin jawo bayanai daga intanet. Shi kuma libcurl4, a Debian 12, yana jingine da libssl3 domin sirranta saƙo. Kamar gayyatar biki ce: ka kira mutum ɗaya, ya zo da ƙanensa, ƙanen ya zo da abokinsa.

Bin wannan sarƙa shi ne aikin manajan ƙunshi. Na gidan Debian da Ubuntu shi ne apt, wanda ya bayyana a 1998. Na gidan Fedora da Red Hat kuwa dnf ne, wanda ya gaji yum a Fedora 22, a 2015.

Da sarƙa ce kawai, da abin ya zo da sauƙi. Wahalar tana wajen sharuɗɗa: wani ƙunshin ba ya yarda sai da sigar kaza ko wadda ta fi ta, wani kuma ba ya zama inuwa ɗaya da wani. A Debian, postfix da exim4 duka masu isar da wasiƙun imel ne, kowanne ya shelanta cewa shi ne mail-transport-agent, kuma bai yarda da kishiya ba. Wanda yake da exim4 ya nemi postfix, apt zai sanar da shi cewa sai an cire na farkon. Tsohuwar dabarar apt ita ce ya zaɓi sigar da ta fi cancanta, ya bi buƙatunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo ya ɗinke inda aka sami karo. Shi kuwa dnf yana miƙa lissafin ga libsolv, wanda mutanen openSUSE suka ƙirƙiro. Wannan yana mayar da kowace buƙata sharaɗin "a ɗauka ko a bari", ya nemo haɗin da zai cika su gaba ɗaya. In babu, sai ya tsaya. Haka yake yi wa mai neman curl a na'urar da take da curl-minimal: ya ce sun yi karo, ya ba da shawarar a ƙara `--allowerasing` in an amince a cire ɗayan.

Duk wannan lissafi ba a kan ƙunshin kansu ake yinsa ba, a kan kundin sunayen da rumbu yake wallafawa ne, kuma nan ne gidajen biyu suka raba hanya. Rumbun apt yana ajiye ƙunshin a pool, kundin kuma a dists. Can akwai fayil ɗin InRelease mai ɗauke da sa hannun masu rumbun, wanda yake tabbatar da kundin Packages, shi kuma ya tabbatar da kowane ƙunshi. Amana daga sama take gangarowa. Rumbun dnf yana farawa ne da repodata/repomd.xml, amma sa hannun da aka fi dogara da shi yana jikin kowane ƙunshi.

Yadda ake faɗin buƙata ma ya bambanta. Ƙunshin Debian yana kiran sunan ɗan'uwansa: a ba ni libcurl4. Na Fedora yakan kira abin da yake so a yi masa, wato `libcurl.so.4()(64bit)`, ko wane ƙunshi ya kawo shi, ruwansa. Shi ya sa dnf yake karɓar umarni irin wannan:

```
sudo dnf install /usr/bin/dig
```

Zai binciko da kansa cewa bind-utils ne yake ɗauke da fayil ɗin. A Debian sai an fara tambayar apt-file. A nan dai dnf ya fi sauƙin hali, amma ba kyauta ba: kundinsa ya fi nauyi, kuma da kansa yake sake jawo shi da zarar ya tsufa, abin da mai sayen data da kuɗin aljihunsa zai ji a jikinsa.

Shi apt ba ya sabunta kundinsa lokacin girkawa, sai an ce masa `sudo apt update`. Wanda ya yi makonni bai yi haka ba, kundinsa zai nuna sigar da rumbu ya riga ya maye gurbinta, saukarwa ta tsaya da `404 Not Found`. Mutane da yawa sukan ɗora wa layin intanet laifi, alhali sabunta kundin da sake ba da umarnin shi ne maganin.