Kyamara Taka, Kwamfuta Tawa: Ya Za a Raba Kuɗin?

A kusan kowane biki a Kano, Zariya ko Kaduna, akwai saurayin da ke kutsawa cikin taron ƙawayen amarya da kyamara rataye a wuya. Abin da mutane ba sa gani shi ne abokin aikinsa, wanda zai kwana gaban kwamfuta yana tace hotunan, yana gyara haske, yana jera su a albam. Sau da yawa haka sana'ar ke farawa: wannan yana da kyamara da ido, wancan yana da kwamfuta da babur da haƙurin zama. Sai su haɗa, su laƙaba wa kansu suna, su buɗe shafi a Instagram.

Aikin farko ba ya kawo rigima, domin murnar samunsa ta ishe su. Idan ɗaya ya ɗauko maganar rabo, ɗayan zai ce, "Haba mutumina, ni da kai har sai an yi lissafi?" Wannan kunyar ce ke jawo ɓacin rai daga baya, ranar da batirin kyamara ya mutu aka rasa wanda zai saya.

"A raba biyu" magana ce mai daɗin ji, amma ba ta faɗi abin da za a raba ba. Kuɗin da uwar amarya ta turo ba riba ba ne. Mu ɗauki misali. A ce an yi jinga da abokan nan biyu a kan naira 150,000, su ɗauki kamu da ɗaurin aure da dina, su kawo albam. Wankin hotuna da albam ya ci 40,000. Hayar fitila ta daren dina 10,000. Man babur na zirga-zirgar kwana uku 8,000. Yaron da ya riƙe musu fitila 7,000, data da filas ɗin da za a zuba wa amarya hotuna 5,000. An kashe 70,000 ke nan, saura 80,000. Duk wanda ya ciro wani abu daga aljihunsa cikin waɗannan, a fara mayar masa kafin a yi zancen rabo.

Ko wannan 80,000 ɗin ma bai kamata a tsaga shi biyu nan take ba, kuma a nan ne yawancin matasa ke yin tuntuɓe. Kayan aiki suna tsufa. A cikin kyamara irin ta masu ɗaukar biki akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kuma kamfanonin da ke ƙera ta suna ƙiyasta masa iyaka. A matsakaitan kyamarori, wajen dannawa 100,000 zuwa 150,000 ne. Biki ɗaya na iya cin dannawa dubu ko fiye. Ke nan kowane aiki yana gutsurar wani yanki na dukiyar mai kyamara, ko da bai ji a ranar ba. Haka batirin kwamfuta da tayar babur. Idan aka raba kuɗi daidai ba a duba wannan ba, wanda ya kawo kaya mafi tsada shi ke ciyar da sana'ar a ɓoye, kuma wata rana zai farga.

Hanyar da ta fi adalci ita ce a biya kaya daban, a biya gumi daban. A ce kyamara da gilasanta sun kai naira 600,000, kwamfuta kuma 300,000, wato biyu bisa ɗaya. Sai su ware 15,000 a matsayin hayar kaya: mai kyamara ya ɗauki 10,000, mai kwamfuta 5,000. Su jefa 5,000 a asusun da ba mai taɓawa sai don abin da za su mallaka tare, kamar fitilarsu ta kansu, don su huta da haya. Ragowar 60,000 ita ce ladan aiki. Idan sun yarda cewa kwana uku a tsaye cikin rana da hayaniya ya yi daidai da dare huɗu na tacewa, kowa ya ɗauki 30,000. Mai kyamara ya tashi da 40,000, abokinsa da 35,000. Bambancin ba shi da yawa, amma kowa ya san dalilinsa, kuma wanda ya karɓi kuɗin haya shi ke da alhakin gyaran kayansa idan sun gaji.

Ba yau aka fara tunanin wannan ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya halatta mutum biyu su yi tarayya da aikin jikinsu idan suna aiki wuri guda, sana'a ɗaya ko masu kusanci da juna. Ya kuma bayyana cewa a tarayyar dukiya, riba tana bin gwargwadon abin da kowa ya zuba. Tun da tarayyar waɗannan abokai ta haɗa aiki da kaya, yana da kyau su zauna da malamin da ya san babin ciniki ya duba musu tsarin kafin su fara.

Dokar ƙasa ma tana da nata hukuncin. A ƙa'idar tarayya da Nijeriya ta gada daga dokar Ingila ta 1890, idan ba a yi wata yarjejeniya ba, ana ɗaukar rabon riba da asara daidai wa daida ne. Bashin da ɗaya ya ci da sunan sana'ar kuma yana hawa kan ɗayan. Shi ya sa takarda guda, da sa hannun kowa da shaidu biyu, take da amfani. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ita ke ba su damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar.

Wannan asusun ba ado ba ne. Rigima ta fi farawa daga kafin alƙalami. An turo 70,000 a asusun ɗaya daga cikinsu mako uku kafin biki, buƙatar gida ta taso, ya taɓa da niyyar mayarwa. Ranar wankin albam babu kuɗi. Bai yi sata ba, amma zargi ya riga ya shiga. Alamar farko da ke nuna abu ya fara lalacewa ita ce littafin shiga da fita ya yi mako biyu ba a rubuta komai ba, alhali ana ta aiki.

Akwai wasu tambayoyi da ya kamata takardar ta amsa tun ana dariya. Idan ƙanwar ɗaya za ta yi aure, kyauta za a yi, ko za a biya kuɗin kaya da mai? Idan mai kyamara ya samu ɗaukar suna shi kaɗai a unguwarsu, nasa ne ko na tarayya? Da watan azumi, lokacin da bukukuwa ke ja baya, za a taɓa asusu ko kowa ya nemi na kansa? Idan katin hotuna ya ɓace aka mayar wa masu biki kuɗinsu, asarar ta kowa ce in tsautsayi ne, amma ta mai sakaci ce in an yi gargaɗi bai kwafe ba.

Sai kuma ranar rabuwa, domin ɗaya na iya samun aikin gwamnati ko ya koma wani gari. Kyamara da kwamfuta kowa ya san mai su. Abin da ke jawo ce-ce-ku-ce shi ne fitilar da aka saya daga asusu, da shafin da ya tara mabiya, da lambar wayar da masu biki suka saba kira. A rubuta tun farko cewa wanda zai ci gaba da sana'ar shi zai riƙe su, ya biya ɗan'uwansa rabin ƙimarsu, kuma a ambaci mutumin da su biyun suka amince ya yi musu ƙiyasin.