Idan Manhaja Ta Yi Gardama a Talabijin: Wanne Za a Goge?

A ce YouTube ya tsaya cak a talabijin ɗinka mai Android TV, sai da'irar nan take ta juyawa, alhali Netflix na aiki lafiya lau. Wannan kaɗai ya nuna maka inda cutar take. Intanet ɗin gidan lafiyarsa ƙalau, talabijin ɗin ma haka. Manhaja guda ce ta rikice. Abin takaici, a nan ne mutane da yawa ke garajen mayar da talabijin yadda ya fito daga kamfani.

Fara da cire shi daga soket na minti guda, domin kashewa da rimot barci kawai yake sa shi. In bai warke ba, shiga Settings, sai Apps, ka zaɓi YouTube. Za ka ga Clear cache da Clear data. Na farkon tarkacen wucin gadi yake sharewa, irin ƙananan hotunan bidiyo da manhajar ke tarawa don ta yi saurin buɗewa, kuma ba ka asarar komai. Na biyun ya fi zurfi: yana mayar da manhajar tamkar yau aka saka ta, saitinta ya tafi, wasu manhajojin ma sai ka sake shigar da adireshi da lambar sirri. Saboda haka ka tabbatar kana tune da su kafin ka danna. Sauran manhajoji da tashoshinka babu abin da zai taɓa su. A talabijin ɗin LG kuwa, goge manhajar ake yi a sake sauke ta.

Factory reset shi kam ba ya barin kowa. Lambar sirrin Wi-Fi, asusun Google, manhajojin da ka sauke, tashoshin da aka kamo, har saitin launi da sauti, duk sai sun tafi, kuma sake sauke su data zai ci. Ana komawa gare shi ne idan matsalar ta game ko'ina: kowace manhaja na rufe kanta, ko talabijin na mutuwa yana tashi da kansa, musamman bayan sabunta tsarinsa. Samsung zai nemi lambobin sirri. In ba ka taɓa canza su ba, galibi 0000 ne. Kada ka fara sai da tsayayyiyar wuta, domin ɗaukewarta a tsakiyar aikin na iya sa talabijin ya maƙale a kan tambarin kamfani.

Layi a fuskar talabijin, ko sauti na fita hoto ya yi duhu, galibi wannan lalacewar kayan ciki ce, aikin mai gyara ne, goge-goge ba ya maganinta.

Amma ranar da za ka sayar da shi ko ka bayar kyauta, Clear data bai isa ba. Yi Factory reset tukuna, don kada asusunka ya bi talabijin zuwa gidan wani.