Gyaɗar Sudan da mashigin Suwez: wa ke ɗaukar asara idan kwangila ta watse?

A ranar 4 ga Oktoban 1956, kamfanin Tsakiroglou ya ƙulla cinikin gyaɗar Sudan tan 300 da wani kamfanin Jamus mai suna Noblee Thorl, a kan fam 50 kowane tan, har da kuɗin jirgi da inshora zuwa Hamburg. Za a yi lodi a tashar Fot Sudan cikin Nuwamba ko Disamba. Ana shiga Nuwamba sai rikici ya sa aka rufe mashigin Suwez. Hanyar da ta rage ita ce a zagaye Afirka ta kudu: tafiyar mil dubu huɗu da ɗoriya ta koma sama da dubu goma sha ɗaya, kuɗin dakon tan ya tashi daga fam 7 da sule 10 zuwa fam 15. Mai gyaɗa ya ce ba zai yi lodi ba.

Ƙofa biyu ce mai neman kuɓuta daga alkawari irin wannan yake ƙwanƙwasawa. Ta farko ita ce sharaɗin larura, wanda lauyoyi ke kira fos majo. A dokar Ingila, wadda kotunan Najeriya suka gaji tsarinta a harkar kwangila, wannan sharaɗi ba ya aiki sai in masu cinikin sun rubuta shi da kansu, kuma iyakar abin da suka rubuta shi ne iyakar kariyarsa. Su ne ke lissafa larurorin, su ne kuma ke faɗin abin da zai biyo baya: ƙarin lokaci, dakatarwa ko sokewa.

Takardar gyaɗar tana da wannan sharaɗi. Ta ce idan yaƙi, annoba, yajin aiki ko wata larura ta hana lodin kaya a kan lokaci, za a ƙara wata biyu, in larurar ba ta kau ba a soke cinikin. Sai dai abin da aka rubuta shi ne hana lodi, kuma babu abin da ya hana a loda buhuna a Fot Sudan. Hanya ce ta toshe, ba tasha ba. Nan ƙofar farko ta rufe.

Ƙofa ta biyu ita ce rushewar kwangila. Wannan ba ta bukatar rubutu. Doka ce da kanta ke sauke wa ɓangarorin biyu nauyi idan wani abu ya auku bayan an ƙulla ciniki, ba da laifin kowa ba, har cika alkawarin ya gagara, ko ya haramta, ko ya rikiɗe ya zama wani abu dabam da wanda aka yi niyya. Idan ta tabbata, kwangilar ta mutu nan take. Babu zancen jinkiri ko ragi.

A 1961 kotun ƙolin Ingila ta wancan zamani ta ce cinikin gyaɗar bai rushe ba. Takardar ba ta ambaci Suwez ba, ba ta kuma tsai da ranar isar kaya Hamburg ba, gyaɗar ma za ta jure doguwar tafiya. Abin da ya canja tsada ce kawai, tsada kuwa ba uzuri ba ce. Farashi ya riga ya kai fam 68 da sule 15, don haka mai gyaɗa ya biya bambancin: fam 5,625. Da ya yi zagayen, ƙarin kuɗin dakon fam 2,250 ne kacal.

To, idan kwangilar ta rushe da gaske fa? Babu mai biyan diyya, amma akwai batun kafin alkalami. A 1939 kamfanin Fibrosa na ƙasar Foland ya ba wani kamfanin Ingila fam 1,000 a kan injuna, sai Jamus ta mamaye ƙasar. A 1942 kotu ta ce a mayar da kuɗin duka tunda ba a kai komai ba, aka bar maƙeran da asarar aikin da suka fara. Wannan ya sa Ingila ta yi doka a 1943: a mayar da kuɗi, amma alƙali na iya cire wa mai kaya abin da ya kashe.

Ɗan kasuwar da ke kai riɗi ko masara bisa kwangila ya lura: tashin kuɗin mota ko faɗuwar naira da wuya su kuɓutar da shi a kotu. In yana son rufe iyaka ko toshewar hanya su zama uzuri, ya sa a rubuta su da sunansu, a faɗi kwana nawa yake da su don sanar da abokin ciniki, a kuma fayyace makomar kafin alkalami. Abin da aka bari ba a rubuta ba, galibi wanda ya ɗauki alkawarin kawo kaya ne ke biyansa.