Me ya sa ƙwallo ke zama ƙwai a talabijin ɗinka?

A gidajen kallon ƙwallo da falukan mutane da yawa akwai wata cuta da ido ya saba da ita har ya daina gani. 'Yan wasa duk sun zama gajeru masu ƙiba, ƙwallo ta miƙe kamar ƙwai, sunayen ƙungiyoyi da yawan ƙwallayen da aka ci, waɗanda ake rubutawa a kusurwar sama, rabinsu ya shige cikin bakin allo. Mai gida sai ya ce filasmar ce ta jabu, ko ya ɗora wa tashar laifi. Galibi babu abin da ya lalace. Matsaloli biyu ne daban, kowacce da asalinta, kuma da rimot ake maganinsu.

Ta farko ita ce yankan gefe, wanda a jerin saitin talabijin ake rubuta shi Overscan. Gado ne daga tsohuwar talabijin mai ƙeya. A cikin waccan kwalba, wani siririn haske ne ke zana hoto layi bayan layi, kuma girman abin da yake zanawa ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana canzawa da ƙarfin wuta, da zafin akwatin, da tsufansa. Duk wanda ya taɓa ganin hoto ya tsuke lokacin da wutar NEPA ta yi rauni ya san wannan. Don kada baƙin gefe ya riƙa leƙowa, masu ƙera talabijin suka sa hoton ya ɗan fi allo girma, gefensa ya ɓuya a bayan firam. Gidajen talabijin ma sun san da haka, shi ya sa suke ja da rubutu zuwa ciki.

Allon zamani ba ya buƙatar wannan dabara, domin ɗigoginsa a ƙirge suke, kowanne da mazauninsa. Allo mai Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Amma talabijin da yawa har yanzu suna ɗan faɗaɗa hoton da ya shigo, su zubar da gefe. A ce an yanke kashi 5 cikin 100: ɗigo 48 sun tafi a dama, 48 a hagu, 27 a sama, 27 a ƙasa. A fim ba za ka lura ba. Sai ranar da ka haɗa kwamfuta da wayar HDMI, ka ga layin ƙasa mai agogo ya nutse, rubutu kuma ya yi dishi-dishi saboda an ja kowane ɗigo ya hau kan maƙwabcinsa.

Alamar yankan gefe ita ce an ci kaɗan daga dukkan ɓangarori huɗu, amma siffar mutane ba ta canza ba. Kashe shi kuwa sai ka san sunan da kamfaninka ya raɗa masa. A LG ana neman Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen, a Sony Full Pixel, a Sharp Dot by Dot. Wani lokaci za ka tarar zaɓin ya yi toka-toka, ba ya dannuwa. Yawanci hakan na nufin hoton ta wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, yake shigowa, ko kuma ba mai inganci ba ne. Sai ka koma HDMI. Kuma talabijin da yawa suna riƙe saitin kowace kafa daban, don haka gyaran HDMI 1 ba ya kai wa HDMI 2.

Matsala ta biyu ta fi yawa, ta kuma fi muni. Ita ce rashin jituwar faɗi da tsayi, abin da za ka gani a saiti da sunan Aspect Ratio. Tsohuwar talabijin 4:3 ce, wato idan faɗinta taku huɗu ne, tsayinta uku. Ta yanzu 16:9 ce, ta fi faɗi sosai. Tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset da shirye-shiryen NTA na da, duk a 4:3 aka ɗauke su. Idan ka sa irin wannan hoto a allo mai faɗi, zaɓi uku ne kawai. Ko a bar baƙin fili dama da hagu, ko a ja hoton ya cika allo kowa ya ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku, ko a zuƙo shi da Zoom a yi asarar kwata na tsayinsa, hula ta tafi a sama, fassarar rubutu ta tafi a ƙasa. Na farkon ne kaɗai ke nuna abin da mai ɗaukar hoto ya ɗauka. Mutane dai ba sa son sa, suna ganin sun sayi allo mai inci 43 ana ba su na 35.

Inda abin ke rikicewa shi ne akwati biyu ne ke yanke hukunci, dikoda da talabijin, kuma kowanne yana iya gyara abin da ɗayan ya riga ya taɓa. Ɗauki gidan kallon da ya canza tsohuwar talabijin ya sayi filasma, amma ya bar dikodarsa yadda take. A cikin saitinta har yanzu an gaya mata talabijin 4:3 ce, an kuma zaɓi Pan Scan. Wasan yana zuwa daga tauraron ɗan'adam a 16:9. Dikoda, don ta yi wa tsohuwar talabijin adalci, sai ta datse dama da hagu ta bar tsakiya. A ma'aunin allo mai ɗigo 1920, an zubar da 240 a kowane gefe, saura 1440. Sabuwar talabijin ta karɓi wannan ragowar ta ja ta har ta cika allo. Sakamakon shi ne allo ya cika fal, babu baƙin fili ko kaɗan, amma ƙwallo ta zama ƙwai, ɗan wasan da ke gudu a gefen fili ya ɓace. Mai gidan zai yi ta neman Just Scan a banza, domin an yanke hoton tun kafin ya iso talabijin.

Da a ce Letter Box aka zaɓa a dikodar, alamar za ta bambanta: baƙin fili sama da ƙasa, mutane kuma a baje. A nan ne hannu ke saurin zuwa kan Zoom. Yana iya cika allon, amma da hoto mai hazo, tunda daga layuka 576 na tsarin PAL da muke amfani da shi, 432 ne kawai ke ɗauke da wasan, sauran baƙi ne.

Gyaran daga tushe ake fara shi. Shiga saitin dikoda, ko ta DStv ce, ko GOtv, ko StarTimes, ko ta tashoshin kyauta, ka nemi inda ake faɗa mata irin talabijin, ka sa 16:9. Idan da HDMI ka haɗa, ka ɗaga ingancin zuwa 1080i ko 1080p in allon yana ɗauka. Bayan nan ka koma talabijin ka fitar da ita daga Zoom ko Wide Zoom ko Cinema Zoom, ka sa 16:9, sannan ka kashe yankan gefe. Don gwaji, nemi abin da ka tabbata zagayayye ne, kamar ƙwallo in an nuno ta kusa, ko agogon bango a cikin fim. Kada ka yi gwaji da da'irar tsakiyar fili, domin daga gefe kyamara ke kallon ta, dole ta fito a miƙe.

Akwai baƙin filin da ba cuta ba ne. Yawancin manyan finafinan Indiya da na Amurka a 2.39:1 ake ɗaukar su, sun fi allon 16:9 faɗi, don haka ko saiti ya yi daidai za a ga baƙi sama da ƙasa. Akwai kuma wanda rimot ba ya iya wa: idan tashar ce da kanta ta ja tsohon shiri kafin ta watsa, ko mai tura finafinai a waya ya matse bidiyon ba daidai ba, to ɓarnar tana cikin hoton. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Canza tasha biyu ko uku. In ɗaya ce kawai ke da mutane masu faɗi, ka bar saitinka yadda yake, in ya dame ka ka sa 4:3 na tsawon shirin, ka mayar bayan ya ƙare.