Maki Daban, Matsayi Daban: Yadda Ake Karanta Sakamakon Jarrabawa da Lambobi Biyar

Idan yaro ya komo gida ya ce wa mahaifinsa ya ci maki 63 a jarrabawar lissafi, sau da yawa mahaifin kan yanke hukunci nan take, ko ya sa masa albarka ko ya yi masa faɗa, alhali kuwa bai san ko jarrabawar ta yi sauƙi har galibin 'yan ajin sun haura 80 ba, ko kuwa ta yi tsanani har wanda ya kai 50 ma ya zama abin nuni. Maki shi kaɗai bai isa hujja ba, sai an san inda mai shi ya tsaya a tsakanin tsararsa, kuma saboda wannan bukata ne masana ƙididdiga suka tsara wani ma'auni da ake kira fasentayil, wato matsayin mutum cikin ɗari, wanda Baturen Ingila Francis Galton ya yi amfani da shi tun a ƙarni na 19.

Ma'anarsa ba ta da wuya. A ce ɗalibai 200 suka zauna jarrabawa, aka jera su bisa makinsu daga na ƙasa zuwa na sama, sai aka tarar 170 suna ƙasa da wani yaro. To, 170 cikin 200 daidai yake da 85 cikin ɗari, don haka sai a ce yaron nan yana fasentayil na 85. Wannan 85 ɗin ba makinsa ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin yana yiwuwa 48 kacal ya ci, amma da yake jarrabawar ta gallabi kowa, ya tsere wa galibin abokansa. Haka kuma idan aka canja jama'ar da ake auna shi da ita, matsayin ya canja, ko da makin bai motsa ba: zakaran ajinsu na iya komawa tsaka-tsaki ranar da aka haɗa shi da ɗaliban jiha baki ɗaya.

A cikin waɗannan matsayai akwai uku da aka fi kulawa da su, na 25 da na 50 da na 75, saboda su ne suke raba sahun gida huɗu. Na 25 shi ne rubu'i na ɗaya, na 50 shi ne tsakiya, na 75 kuwa rubu'i na uku. Sai dai wanda ya saba da rubu'i a ilmin rabon gado ya lura da bambanci, domin a can dukiya ake kasawa, a nan kuwa mutane ake kasawa, kowane kashi da adadin ɗalibai kusan ɗaya, ko da tazarar makin da ke cikinsa ta yi faɗi ko ta ƙuntata.

Bari mu ɗauki wani ƙaramin aji na misali mai ɗalibai 11, wanda malaminsu ya rubuta makinsu a takardar sakamako. Farillar farko ita ce a jera su daga ƙarami zuwa babba, domin duk lissafin da aka yi ba tare da wannan ba ɓatacce ne: 5, 35, 41, 44, 48, 52, 55, 58, 63, 67, 90. Na shida a sahun, wato 52, shi ne tsakiya, tun da biyar suna ƙasa da shi, biyar kuma suna sama. Sa'an nan a dubi biyar ɗin ƙasa, a ɗauki na tsakiyarsu, 41, shi ne rubu'i na ɗaya. A dubi biyar ɗin sama, na tsakiyarsu 63 ne, shi ne rubu'i na uku. Idan aka haɗa waɗannan uku da mafi ƙanƙanta da mafi girma, an sami lambobi biyar ke nan: 5, 41, 52, 63, 90. Wannan shi ne taƙaitawar lambobi biyar, wadda masanin Amirka John Tukey ya yaɗa a littafinsa na 1977. Yaronmu mai 63, ashe, ya wuce takwas daga cikin goma sha ɗaya, ya cancanci a sa masa albarka.

Hikimar karanta lambobin nan tana cikin giɓin da ke tsakaninsu. Daga 41 zuwa 52 maki 11 ne, daga 52 zuwa 63 ma 11 ne, abin da ke nuna cewa rabin ajin na tsakiya sun cure wuri guda cikin tazarar maki 22, kuma ba su karkata gefe ɗaya ba. Amma daga 5 zuwa 41 maki 36 ne, alhali mutanen da ke wannan fili ba su fi na sauran yawa ba, warwatsuwa kawai suka yi. Daga nan mai hankali zai fahimci wani abu da ake yawan mantawa, cewa a tsakiyar sahu, inda ake cunkoso, ƙarin maki uku ko huɗu na iya ɗaga yaro sama da abokai da dama, amma a can ƙarshe sai ya ƙara ashirin bai wuce mutum ɗaya ba.

To, shi 5 ɗin nan fa? Tukey ya ba da ƙa'ida ta gane lambar da ta fita daga jama'a: a ɗauki tazarar nan ta 22, a ninka ta sau ɗaya da rabi, ta zama 33, a debe ta daga 41, a sami 8, a ƙara ta kan 63, a sami 96. Duk makin da ya faɗi ƙasa da 8 ko ya haura 96 abin bincike ne. Mai 90 yana cikin iyaka, mai 5 kuwa ya fita. Ƙa'idar ba ta ce a goge shi ba, cewa ta yi a koma a duba takardarsa, ko rashin lafiya ce ta fitar da shi daga ɗakin jarrabawa, ko kuwa 55 aka yi nufin rubutawa alƙalami ya yi tuntuɓe. A ganina mafi munin irin wannan shi ne a rubuta wa wanda bai zo ba sifiri, domin sifirin zai shiga sahu kamar maki na gaskiya, ya ja rubu'i na ɗaya ƙasa.

Falalar waɗannan lambobi a kan matsakaicin da aka saba da shi, wanda ake tara maki duka a raba da yawan ɗalibai, tana bayyana ne ranar da aka yi kuskure. Matsakaicin ajin nan 50.7 ne, da mai bugawa zai rubuta 900 a maimakon 90, da sai ya tashi ya haura 124, amma 41 da 52 da 63 suna nan daram, lamba ta biyar ce kaɗai za ta tona asirin kuskuren.

Wanda zai yi aikin a kwamfuta kuma kada ya firgita idan amsar ta saɓa da tasa, domin masana ba su haɗu a kan hanya ɗaya ta yanka rubu'i ba. Idan makin yana B2 zuwa B12 a Excel:

```
=QUARTILE.EXC(B2:B12,1)
=QUARTILE.INC(B2:B12,1)
```

Na farko zai ba da 41 kamar yadda muka samu, na biyu kuwa 42.5, saboda shi yana tsayawa ne tsakanin 41 da 44. Duka biyun ingantattu ne, kuma saɓanin yana raguwa idan ɗalibai suka yi yawa. Sharaɗin kawai shi ne, malamin da zai gwama aji da aji ya riƙe hanya ɗaya a kansu duka.