Fansho Ba Zai Kai Albashi Ba: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Tun Saura Shekara Biyar

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san ranar ritayarsa tun ranar da ya kama aiki: shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman makaranta ne dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 da 40. Abin mamaki, tambayi ma'aikacin da ya rage masa shekara biyar nawa zai riƙa karɓa a wata, sai ya ce maka "Allah dai Ya kai mu." Amin. Amma adadin nan ana iya saninsa tun yau, kuma duk wani shiri daga kansa yake farawa.

Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin tarayya yana da asusun ritaya na kansa a hannun kamfanin kula da fansho, ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, gwamnati ta ɗora kashi 10. Abin da ya taru, da ribar juya shi, shi ne fanshon. Jihohi kuwa kowace da tsarinta: Kaduna ta bi irin na tarayya, Kano da Jigawa na da asusun haɗaka. Saboda haka ma'aikacin jiha ya fara tambayar ofishin fanshon jiharsa yadda ake lissafi.

A ɗauka ga wani ma'aikaci mai shekara 55, albashinsa naira 170,000, kuma duk wata tas yake ƙarewa. Hayar gida, in an raba ta wata-wata, 30,000 ce. Bashin ƙungiyar ma'aikata na cin 20,000, kuɗin mota zuwa ofis 20,000, makarantar yara 25,000, sauran 75,000 kuma cefane, wuta da hidimar yau da gobe. Ya je kamfanin fanshonsa, aka yi masa kiyasin cewa zai bar aiki da naira miliyan 8 a asusu. Ba za a damƙa masa su duka ba. A ce an ba shi miliyan 2 a dunƙule, miliyan 6 da suka rage a riƙa gutsuro masa wajen 60,000 a wata.

Bayan ritaya kuɗin mota ya faɗi, bashi ma ya ƙare in ya daina ɗaukar sabo tun yanzu. Sai dai magani zai shigo, don shekarun hawan jini da ciwon suga ke nan, kuma a wurare da yawa inshorar lafiyar ma'aikaci na tsayawa tare da albashi. A sa masa 10,000. Bukatarsa ta zama 140,000, fansho 60,000. Giɓin 80,000 ke nan kowane wata, kafin ma a yi maganar tsadar kaya. Wanda ya yi ritaya kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 ya san yadda kuɗin da ke sayen buhu ya koma sayen kwanuka.

Yawancin mutane da sun ga giɓin nan sai tunaninsu ya tafi kan sana'a. A ganina an fara ta wutsiya. Toshe ƙofar da kuɗi ke fita ya fi tabbas a kan buɗe wadda ake sa ran za su shigo, kuma babbar ƙofa ita ce haya. In mutumin nan ya shiga gidansa kafin ya ajiye aiki, ko ɗaki biyu ne da banɗaki a bayan gari, ko ba filasta, giɓin ya sauko 50,000. Shekara biyar ta isa a yi wannan da kaɗan-kaɗan: fili bana, bulo baɗi, rufi bayan nan. Tun 2022 ma PenCom ta ba da damar amfani da har kashi 25 cikin ɗari na asusun ritaya a matsayin kafin alƙalamin rancen gida daga banki, amma duk abin da aka cira zai rage fanshon wata, kuma rancen da biyansa zai tsallaka ritaya nauyi ne aka ƙara. Wanda ake cire wa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa ya tuna cewa yana da haƙƙin neman a mayar masa da kuɗinsa bayan ritaya.

Sai makaranta. Ya zauna da uwargida su ƙirga: wane yaro zai gama kafin ritaya, wane zai rage? In autan ne kawai, ana iya ware kuɗin karatunsa daga miliyan biyun nan a ajiye gefe. Giɓin wata ya koma 25,000, wato 300,000 a shekara. To yanzu ne maganar sana'a ta zo, kuma an san girman wadda ake nema.

Dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ta ware noma. A ce ya turke raguna biyu wata huɗu kafin babbar Sallah. Ya sayi kowane 120,000, dusa da harawa da ƙowa da magani suka ci 50,000, ya sayar 200,000. Riba 30,000 a kan kowane, in babu wanda ya mutu. Ke nan raguna goma a shekara ne za su cike giɓin. Amma sai ya rubuta komai a littafi, har kuɗin ɗan dako da na dillali, domin kiwo da yawa da ake kira riba, in an zauna da biro, uwar kuɗi ce ta dawo. Amfanin gwaji tun ana karɓar albashi shi ne in rago ya mutu ba a fasa ɗora tukunya. Wanda ya jira sai giratuti ya shigo sannan ya zuba shi duka a kiwon kajin da bai taɓa yi ba, ko ya sayi motar haya ya miƙa wa direba, cuta ɗaya ko bugun inji ɗaya ya isa ya tashi aikin shekara 35. Balle a ranar da kuɗin suka shigo kowa ya ji labari, ga auren 'ya, ga ɗan'uwa mai neman jari.

Akwai zaɓin da za a ajiye masa a gaba ranar cike takardu. Ko ya bar kuɗin a kamfanin fansho ana biyansa wata-wata, in ya rasu abin da ya rage na magada ne, amma in ya yi tsawon rai asusun na iya yin ƙasa. Ko ya miƙa su ga kamfanin inshora ya biya shi har ƙarshen rayuwa, sai dai magada ba su da rabo in ya rasu bayan shekara goma na farko. Ana iya tashi daga na farko zuwa na biyu, ba a dawowa. Mai ƙananan yara ya yi nazari sosai kafin ya sa hannu. Mai gudun kuɗin ruwa kuma, tun yana aiki zai iya neman a mayar da ajiyarsa asusu na shida, wanda ba a juya shi da ruwa.

Abin da ya fi wahalar da sababbin 'yan fansho shi ne watannin da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Wani jinkirin daga gwamnati ne, musamman ga waɗanda suka fara aiki kafin 2004, da sai an biya haƙƙinsu na tsohon tsari. Wani kuwa daga fayil ne: ranar haihuwa a takardar kama aiki daban da ta NIN, ko suna Muhammad a nan, Mohammed a can. Gyaran irin wannan na cin watanni, gara a yi shi tun ana da ƙafa a ofis. Ya karɓi bayanin asusunsa ya bi shi wata-wata, duk inda aka cire a takardar albashi amma bai shiga asusu ba, ya rubuta wa ma'aikatarsa, ya riƙe kwafi. Sannan ya tara abincin wata shida. Ga mutuminmu, in gida da makaranta sun fita daga lissafi, bukatar wata 85,000 ce, wata shida 510,000. In ya raba su a kan watanni 60 da suka rage masa, 8,500 ne a wata.