Waƙar Neman Littattafai a Taron Gidauniya

A taron ƙaddamar da gidauniyar ɗakin karatu na makaranta, akan sa waƙa a tsakiya, bayan jawabin shugaban makaranta, kafin babban mai ƙaddamarwa ya faɗi abin da ya kawo. Minti biyar ne kawai, amma su ne minti biyar ɗin da mutane ke yanke shawarar abin da zai fito daga aljihunsu. Mafi yawan waƙoƙin da ake rerawa a wurin nan sukan ɓata damar wajen yabon ilimi, alhali babu wanda ya zo taron yana musun amfaninsa. Abin da mai sauraro bai sani ba shi ne me ya rage a ɗakin, kuma nawa ne rabonsa a ciki.

Saboda haka aikin yakan fara ne daga ƙidaya, tun kafin a ɗauki alƙalami. A ɗauka makarantar sakandare ce mai ɗalibai 400, tana da kanta 10, kowace tana cin littafi 40, amma biyu kaɗai ke da kaya. Giɓin littafi 320 ke nan, kuma shi ne jigon waƙar. Sai a raba shi yadda kowa zai samu wurin shiga: attajiri ya cika kanta ɗaya, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗauki biyu, uwa mai sayar da ƙosai ta sayi littafi guda. Kada a saka farashin naira cikin baiti, domin yana canjawa kuma yana karya kari. A bar wa mai gabatarwa ya faɗe shi bayan waƙa.

A kuma ambaci littattafan da sunansu. Idan dattijo ya ji Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, zai tuna ajinsu na firamare, ya ji zafin a ce jikansa bai taɓa riƙe su ba. A haɗa da ƙamus da littattafan lissafi da kimiyya na manhajar yanzu. Ambaton yana kuma rage wata matsala da masu kula da laburare suka sani sarai, wato mutum ya kwaso tsofaffin takardun da suka dame shi a gida ya ce gudummawa ce.

Wajen tsari, ƙwar biyu ta fi sauƙin kamawa a kunne, baiti 15 zuwa 20 sun isa. A zaɓi amsa-amo mai yalwa. Mutane da yawa sukan ruga ga "tu" saboda karatu da rubutu, sai su kai hutu su tsaya cik. "Ka" kuwa tana da ɗauka, naka, shuka, albarka. Ga misalin da na tsara wa makarantar can tamu, baiti ɗaya da amshinsa:

Muna da wurin karatunmu,
Ku leƙa, ba abin ɗauka.

Mu littafi muke nema,
Ka ba mu guda cikin naka.

A cikin amshi ake ajiye roƙon, domin shi jama'a za su yi ta maimaitawa har ya zama maganar bakinsu. Bayan buɗewa da sunan Allah da salati a baiti biyu, a shiga batun kai tsaye. Zancen sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi bayan mutuwa, wanda hadisi ya tabbatar, ya fi ƙarfi a kusa da ƙarshe, lokacin da an riga an san abin da za a bayar.

Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne waƙar ta rikiɗe ta koma ta roƙo. Da zarar an fara jero sunayen manyan baƙi da kirari, hankali ya bar kanta ya koma kan kujerun gaba. Alamarsa a fili take: mutane su taso suna yi wa mai rerawa liƙi, akwatin gidauniya yana gefe. Wanda aka tsallake sunansa kuma ya koma gida da fushi. Habaici ga marowata ya fi wannan muni, domin ba a kunyata mutum sannan a sa ran alherinsa. Haka nan kada a mayar da yaran abin tausayi a gaban iyayensu. Ɗakin ne babu kaya, su kuwa a shirye suke su karanta.

Shi ya sa ya fi kyau ɗalibi ko ɗaliba ta rera, 'yan ajinsu suna amshi, ko da malamin Hausa ne ya rubuta. A gwada ta da baki tun mako guda kafin taro. Duk ɗangon da ya tilasta wa yarinyar ta ja gaɓa ko ta haɗiye wata, kari ya karye a nan, sai a sauya kalmar. A ranar kuma, a ajiye mai rajista kusa da ita da takardar sunayen littattafai, domin wanda ya ɗaga hannu ya ce ya ɗauki kanta ɗaya a rubuta sunansa da lambar wayarsa kafin ya zauna.